Babi na Shida: Takardar da Uban Gida Ke Ba Mai Tashi

Yarinyar kanti da ta yi shekaru tana sayar wa wani kaya, ranar da ta ce za ta buɗe nata shagon, ba takardar neman aiki take bukata ba. Babu wanda zai ɗauke ta aiki. Waɗanda za su karanta takardar su ne babban dila da za ta roƙa ya ba ta kaya bashi, da mai shagon da za ta kama haya, wani lokaci kuma ma'aikacin asusun ba da rance. Dukansu tambaya guda ke ransu: in na sa dukiyata a hannun matar nan, za ta dawo? Yawancin takardun da masu kanti ke rubutawa a Ƙonni da kewayenta ba sa amsa wannan tambayar. Sukan ce yarinya mai ladabi ce, mai tsoron Allah, 'yar gidan mutunci. Dila ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ninke takardar, ya ce ta kawo kuɗi hannu.

A da ba a san rubutun ba ma. Uban gida kan kama hannun yaronsa ya kai shi gaban mai kaya ya ce, "Ga yarona, a ba shi." Emmanuel Grégoire, a littafinsa kan alhazan Maraɗi da ya fito a 1986, ya nuna yadda fatauci ya ginu a kan dangantakar uban gida da bara, inda bara ke yi wa uban gida hidima shekara da shekaru har ya samu jarin tsayawa da ƙafarsa. Kafin shi Abner Cohen ya ga irin wannan a Sabon Ibadan a littafinsa na 1969, inda mai gida ke tsayawa tsakanin mai shanu da mahauci a cinikin bashi, sunansa shi ne jingina. Wannan tsarin bai mutu ba, amma an ɗinka shi ne daidai jikin namiji. Yaro namiji yakan bi uban gidansa Maraɗi da Sakkwato da Kantin Kwari a Kano, diloli su san fuskarsa tun yana ɗaukar kaya a ka. Yarinya kuwa tana cikin kanti. Ita ke riƙe da makulli, ita ta san wace hajiya ke biya da wadda sai an aika sau uku, amma babu dila ɗaya da ya taɓa ganinta tana ƙirga kuɗi. Abin da namiji ya tara a idon jama'a ita ta tara shi a idon mutum guda, shi ya sa takarda ta fi yi mata amfani fiye da shi.

Mu ɗauki misali, mu bi shi har ƙarshe. Alkaluman nawa ne, na sa su don lissafi ya fito, kowa ya musanya su da farashin kasuwarsa. Alhaji yana da kantin atamfa da shadda da leshi da turare a Birnin Ƙonni. Yarinya ta yi masa aiki shekara huɗu da 'yan watanni, yanzu za ta koma Malbaza, kilomita talatin da 'yan kai a kan hanyar Maraɗi, inda danginta suke. Ta lura matan ma'aikatan kamfanin siminti da matan manoman albasa na wajen Galmi da Dogarawa suna hawa mota zuwa Ƙonni ranar Laraba don turmi biyu ko uku, ta ga gara a kai musu kayan ƙofar gida. Tsakanin adashi da ɗan abin da ta sayar na dabbobinta ta haɗa sefa 400,000. Hayar shago wata uku gaba, a 15,000 kowane wata, ta ci 45,000. Katako da kanta da fitila da kuɗin fatanti sun ci 55,000. Saura 300,000. In turmin atamfa matsakaiciya yana zo mata a 6,000, ko da ta zuba kuɗin duka a atamfa turmi hamsin ne, kuma shagon zane mai turmi hamsin ba shadda ba leshi, mace za ta leƙa ta wuce. Dole ta samu kaya bashi, a ce na 150,000, turmi ashirin da biyar, a biya bayan wata guda.

Ga abin da dila ke lissafawa a zuci. In ta sayar da turmin nan ashirin da biyar a 7,000 kuɗi hannu, ta kama 175,000, ta biya shi, 25,000 ya rage mata. Amma cinikin mata a garin da kowa ya san kowa ba kuɗi hannu ba ne. Goma daga ciki za su tafi bashi, wannan sai ƙarshen wata in an yi albashi, waccan sai an sayar da albasa, ga goggo da ba a iya ce wa a'a. Ranar biya za ta ga 105,000 a hannunta, da giɓin 45,000, alhali ba ta ci kuɗin kowa ba. Dila ba sata yake tsoro ba. Ya san 'yan matan da ke kai shekara huɗu a kanti guda ba ɓarayi ba ne, da tuni an sallame su. Abin da yake son sani shi ne ko ta iya hana bashi, ko ta iya karɓo shi in ta bayar. Alhaji kaɗai ke da wannan amsar, tana nan cikin littafin bashin kantinsa.

Saboda haka kafin a taɓa alƙalami sai an zauna an yi ƙidaya. Ba don zargi ba. A sauko da kaya daga kanta turmi turmi, a gwada da littafin shigar kaya, a buɗe littafin bashi a bi shi layi layi: wannan ita ta bayar da izinin Alhaji, wannan ta bayar da kanta, wannan an biya rabi. Abin da ya rage a waje a yanke shawara a kansa ranar, ko ta karɓo kafin ta tafi, ko Alhaji ya ɗauke shi a matsayin bashin kanti. Masu kanti da yawa kan tsallake wannan zaman don kunya, su rubuta yabo, bayan wata biyu a gano leshi huɗu ba sa nan, magana ta fara yawo a kasuwa cewa ta buɗe shago da kayan uban gidanta. Wataƙila ɗan Alhaji ne ya ɗauka ya kai wa budurwarsa. Ba wanda zai iya tabbatarwa, tunda ba a ƙirga ba. Ƙidayar ita ke kare yarinyar fiye da yadda take kare mai kanti, kuma yarinya mai wayo ita za ta nema da bakinta: "Baba Alhaji, ina so a ƙirga kaya a gabanka kafin in miƙa makulli."

Takardar da za ta fito daga wannan zaman ba ta da tsawo. Ga yadda za ta iya kasancewa.

"Ni Alhaji Wane, mai kantin zane a kasuwar Birnin Ƙonni, ina shaida cewa Wance 'yar Wane ta yi aiki a kantina daga watan Maris 2021 zuwa watan Yuni 2025. Shekarar farko tana sayarwa ne a gabana. Daga shekara ta biyu makullin kanti da akwatin kuɗi suna hannunta, kuma duk lokacin da na yi tafiya Maraɗi ko Kano, kwana uku zuwa mako guda, ita ke riƙe da kantin ita kaɗai. Cinikin da ke bi ta hannunta a rana yakan kama daga sefa 60,000 zuwa 100,000, a makon sallah ya haura 400,000. Tana karɓar sefa da naira, tana rubuta kowanne dabam. Ita ke riƙe da littafin bashi, na yarje mata ta ba da bashi har sefa 20,000 ga mutum guda ba tare da ta tambaye ni ba. Ranar da ta tashi mun ƙirga kaya da kuɗi a gaban shaidu biyu, ba mu ga giɓi ba. Bashin da ta bayar da ya rage a waje sefa 35,000 ne a hannun mutum uku, na ɗauke shi a kaina. Ba ta bina, ba na binta. Ba ta taɓa zuwa saro kaya da kanta ba, ni ke sarowa. Ta tashi da sanina da yardata don buɗe nata shagon a Malbaza. Wannan shaida ce a kan abin da na gani, ba lamunin bashi ba ne. Mai son ƙarin bayani ya kira ni ko ya same ni a kanti."

Sai kwanan wata, sa hannu, hatimin kanti, lambar waya, da sunayen shaidun biyu.

Jimlar da ta fi ba masu kanti wuya ita ce wadda ta ce ba ta taɓa saro kaya ba. Suna ganin kamar tona asiri ne. A ganina ita ce ke sa a yarda da sauran. Dila da ya ga takarda ba aibi ko ɗaya ya san an rubuta ta ne don a faranta wa yarinya, ba don a sanar da shi ba. In ya ga an faɗa masa inda ba ta ƙware ba, ya san abin da zai yi: ya zaɓa mata kalar da ke tafiya, kada ya bar ta ta kwashi zanen da ya kwana biyu a sito don an rage mata ɗari biyar. Sabuwar mai shago ta fi karyewa a wajen saro fiye da wajen sayarwa, domin kuɗinta kan kwanta a kayan da ba sa motsi. Haka ma 35,000 ɗin nan da ya rage. Mai shekara uku tana ba da bashi a ce ko dala ba ta maƙale ba, duk ɗan kasuwa zai yi murmushi. Ƙaramin adadi na gaskiya ya fi "ba ta taɓa asarar ko sisi ba" nauyi nesa ba kusa ba.

Maganar sefa da naira ba ado ba ce. Ƙonni tana manne da iyaka, Illelar Najeriya na nan 'yan kilomita kaɗan, Sakkwato ba ta kai kilomita ɗari ba, kuma kuɗin ƙasashen biyu suna yawo a kasuwa guda. Wanda ya riƙe kanti a shekarun nan ya ga abubuwa. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Farkon 2023 aka yi canjin takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya. Tsakiyar shekarar darajar naira ta faɗi, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma aka sake rufe iyakar har Maris 2024. Yarinyar da ta karɓi naira da safe ta san dole ta kai wa 'yan canji kafin la'asar, ko ta rubuta farashin da ta karɓa a kansa, ta koyi abin da ba a koyarwa a makaranta. Jimla guda a takarda ta isa ta sanar da dilan Sakkwato ko na Maraɗi haka. Kuma duk adadin da aka rubuta a sa sunan kuɗin a gabansa, a rubuta shi da alkaluman sefa cikakku. A bakin kasuwa da dala muke ƙirge, dala kuma sefa biyar ce, "ɗari biyu" jikka guda kenan. Mai kanti ya faɗa wa marubuci "dubu huɗu" yana nufin sefa 20,000, yaron makaranta ya rubuta 4,000, an rage wa yarinya amanar da aka ba ta sau biyar ba wanda ya lura.

Yanzu ga jimlar kusa da ƙarshe, wadda ta ce shaida ce ba lamuni ba. Nan ne zumunci ke lalacewa, don haka zan daɗe a kanta.

Mai shaida yana faɗin abin da ya wuce. Mai lamuni yana ɗaukar abin da zai zo: in ba ta biya ba, ni zan biya. A takarda bambancin a fili yake, a kasuwa kuwa yakan narke. Alhaji ya buga wa dila waya ya ce, "Ɗiyata ce, ka ba ta, ba komai." Shi a ransa yabo ya yi. Dila a ransa an tsaya mata. Wata uku bayan nan, damina ta kama, ciniki ya mutu, dila ya aiko yaro Ƙonni da takardar 150,000, Alhaji ya ce yaushe muka yi haka da kai. Kowannensu gaskiyarsa yake faɗa. In maganar ta je gaban dattawan kasuwa ko malami, abin da za a tambaya shi ne me ka ce masa, domin a fiƙihun Malikiyya da ake bi a nan lamuni yana ƙulluwa da furuci, ba sai an rubuta ba. Kuma ko an wanke Alhaji, shi ma wajen dilan nan yake saro kaya. Sau da yawa biya yake yi don kada ƙofa ta rufe masa, sannan ya huce a kan yarinyar da iyayenta.

Dokar ƙasa ta bi wata hanyar. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, masu dokar kasuwanci guda, kuma dokarsu ta jingina da lamuni da aka sabunta a Lome a Disambar 2010 ta tsaya a kan cewa ba a ɗora wa mutum lamuni da zato. Ana tabbatar da shi ne da takarda mai sa hannun mai lamuni da na mai bin bashi, wadda mai lamunin ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka, da alkaluma da kuma kalmomi. In biyun suka saɓa, na kalmomi ake bi. In bai iya rubutu ba sai da shaidu biyu da za su tabbatar shi ne, yana wurin, kuma an fayyace masa abin da yake ɗauka. Takardar yabo irin ta Alhaji, ko da an cire jimlar da ta ce ba lamuni ba ne, ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba, ba za ta zama lamuni a kotun Ƙonni ba. Amma akwai ɗaya gefen da ya kamata mai kanti ya sani kafin ya bi yarinya asusun rance a miƙo masa takarda da Faransanci a ce sa hannu nan. In ya sa, dokar tana ɗaukarsa a matsayin wanda ya haɗa wuya da mai cin bashin, sai fa in an rubuta akasin haka. Ma'ana da zarar an neme ta a hukumance ba ta biya ba, ana iya zuwa kansa kai tsaye, ba sai an fara sayar da kayan shagonta ba.

Ba ina cewa kada Alhaji ya tsaya mata ba ne. In yana da hali kuma ya yarda da ita, lamuni shi ne kyauta mafi girma da zai yi mata, ya fi turmi goma na sallama. Abin da nake cewa a raba takardun biyu. Shaida takarda guda, tana iya nuna wa kowa, ta yi hoton ta sau goma. Lamuni takarda dabam, ga mutum guda, da adadi, da wa'adi: na tsaya wa Wance a wajen Wane har sefa 100,000, na kayan da zai ba ta daga yau zuwa bayan babbar sallah. Abin da ya haura wannan tsakaninsu ne. Wa'adin ma a zaɓe shi da hankali. Wata guda a lokacin da albasar Galmi ke fita, kuɗi na hannun mutane, ba daidai yake da wata guda a tsakiyar damina ba, lokacin da kowa ya zuba abin hannunsa a gona. Mai lamuni da ya san yankin zai ce wa dila ya ba ta kwana arba'in da biyar a karon farko, ko ya rage kayan.

Akwai takarda ta uku da ake rikita ta da waɗannan, wato takardar shaidar aiki da dokar ƙwadago ta Nijar, ta 25 ga Satumbar 2012, ta wajabta wa mai ba da aiki ya ba ma'aikacin da ya tashi. Ita ranar shiga, ranar fita da irin aikin da aka yi kawai take ɗauka, ba yabo ba suka. Haƙƙin yarinya ce, ko an rabu da daɗi ko ba daɗi. Takardar da muke magana a kanta kuwa alheri ne, ba wanda zai tilasta wa Alhaji ya rubuta ta.

A nan ne wani dalilin jan ƙafa yake, wanda ba a cika faɗinsa da baki ba. Yawancin 'yan kanti ba su da kwantaragi, ba a yi musu rajista a asusun CNSS ba, abin da ake ba su a wata kuma sau da yawa bai kai mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024. Mai kanti da ya rubuta da hannunsa cewa wance ta yi masa aiki shekara huɗu ya san ya ba da hujjar da za a iya kai wa sufeton ƙwadago. Shi ya sa za ka ji yana cewa, "Haba ɗiyata, mu da ke har sai da takarda? Duk wanda ya tambaye ni zan faɗa masa." Tsoron nasa ba na banza ba ne, amma maganinsa ba hana takarda ba ne. A zaman ƙidaya a sa maganar haƙƙinta a faifai, in akwai watannin da ba a biya ba ko alkawarin sallama da aka yi wa iyayenta ranar da aka kawo ta, a warware a gaban shaidun nan biyu. Jimlar "ba ta bina, ba na binta" sai ta zama gaskiya kafin a rubuta ta. Mai kantin da ya rubuta ta don ya toshe bakin yarinya, alhali yana riƙe da kuɗinta, takardar ba ta goge haƙƙin da doka ta ba ta ba.

Dalili na biyu na jan ƙafa shi ne masu saye. Shekara huɗu hajiyoyi suna kiran lambar yarinyar, ita ke tura musu hoton sabon zane ta waya, ita suka sani. Ranar da ta tashi rabin cinikin yana cikin wayarta. In Malbaza za ta koma abin da sauƙi, Alhaji ma riba zai ci, domin yana iya zama shi ne dilanta na farko, ya ba ta turmi ashirin a farashin sari ta biya duk Laraba. In kuwa layi na biyu a kasuwar Ƙonni za ta buɗe, sai an yi magana a fili. Wannan maganar ba ta shiga takardar shaida. Kada a rubuta "da sharaɗin ba za ta sayar da irin kayana ba", dila na ganin haka zai san akwai rigima a ƙasa. Haka zancen aurenta, ko mutuwar auren, ko cikin da take ɗauke da shi, ko cewa mijinta ya yarda. Masu rubutu kan sa waɗannan da kyakkyawar niyya, sai su ba mai karatu dalilin shakka da bai zo da shi ba.

Da wane harshe za a rubuta? A duba mai karatu. Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki, amma takardun asusun rance da na kotu har yanzu da Faransanci suka fi tafiya, dilan Sakkwato ko Kano kuwa ba ya jin sa, wani ma ajami ya fi yi masa sauƙi. Abin da ya fi shi ne Hausa a fuska ɗaya, Faransanci a ɗaya fuskar, sa hannu a duka biyun. Sai dai a kula da masu buga takarda na bakin ma'aikatar magajin gari. Suna da tsohon zubi a cikin na'ura, su canza suna kawai, takarda ta fito da manyan kalmomin yabo ba adadi ko ɗaya. A sa wani ya karanta wa Alhaji fassarar kafin ya sa hannu, musamman jimlar lamuni, domin kalma guda ta Faransanci mai nufin "na tsaya mata" tana iya shiga ba da saninsa ba.

Shi kuma mai karɓar takarda, hatimi kada ya ruɗe shi, ana sassaƙa shi a kasuwa da kuɗi kaɗan. Ko tambarin magajin gari ko na 'yan sanda da ke tabbatar da sa hannu, sa hannun kawai ya tabbatar, bai ce abin da aka rubuta gaskiya ne ba. Gwajin da ke aiki shi ne kira, kuma ba lallai lambar da ke jikin takardar ba. Dilan Maraɗi yana da wanda ya sani a Ƙonni, ko direban da ke ɗauko masa kaya, ya karɓi lambar Alhaji daga wajensa. In ya same shi kada ya tambaya ko yarinyar kirki ce, amsar a sane take. Ya tambayi abin da takardar ta faɗa ba tare da ya karanta masa ba: nawa ka yarje mata ta ba da bashi, nawa ya rage a waje da ta tashi, wa ya halarci ƙidaya. Wanda ya zauna ya ƙirga zai amsa nan take, ko da ya kuskure da jikka biyu. Wanda ɗan'uwan yarinya ya kawo wa takarda ya sa hannu a tsaye zai fara da "wallahi yarinyar ba ta da matsala". Ya dubi kwanan wata kuma. Takardar da ta shekara biyu tana magana ne a kan 'yar kanti, matar da ke gabansa kuwa mai shago ce da ta riga ta ci bashi a wani wuri, sai a tambaye ta wa ya fara ba ta kaya, a kira shi.

Asusun rance ba ya ba da kuɗi a kan takardar Alhaji kaɗai. Zai nemi katin shaida, ya so ta buɗe ajiya ta yi 'yan watanni tana zubi, ya aiko ma'aikaci ya ga shagon da idonsa, sau da yawa ya nemi mai lamuni ko ƙungiya. Matan da suka fito daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, tsarin asusu da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, suna da wata shaidar da ta fi ta uban gida ƙarfi a wannan wurin, wato littafin ƙungiya da ke nuna rancen da suka ci da ranar da suka biya. In yarinyarmu tana cikin irin wannan ƙungiya, ko uwar adashinta za ta yarda ta faɗi zubi nawa ta yi ba fashi, ta haɗa wannan da takardar Alhaji. Tasa ta nuna yadda ta riƙe kuɗin wani, ta ƙungiya ta nuna yadda take biyan nata bashin, kuma ma'aikacin asusu na biyun ya fi nema.

A misalinmu, abin da ya fi yiwuwa shi ne dila ba zai ba ta 150,000 a karon farko ba. Zai kira Alhaji, ya ji amsoshin sun yi daidai da takarda, ya ba ta na 75,000, turmi goma sha biyu da ɗan turare, ya ce ta turo kuɗin ta Nita ko Al Izza in wa'adi ya cika. Ta ajiye rasit ɗin turawar, kowanne, a leda guda da takardar. In ta biya sau uku a kan lokaci zai ninka mata ba tare da ya sake kiran Ƙonni ba, kuma dila na biyu da za ta je wa rasit ɗin nan zai nema ya gani.